Wata uku ina rubuta littafin ciniki, amma asara ba ta tsaya ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Kubwa, ina aiki a Sakatariya, ina da mata da 'ya'ya biyu. Shekara guda ke nan da wani abokina ya koya mini cinikin foreks, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe, a waya, galibi gwal nake yi. Sau huɗu na zuba kuɗi, sau uku suka ƙone. A zubi na ƙarshe akwai kuɗin adashin matata da ta ba ni aro da zuciya ɗaya, yanzu dala 500 ce ta rage a asusun. Abokin ya ce rashin rubuta littafin ciniki ne matsalata. Na sayi littafi, wata uku ina rubuta kwanan wata da riba ko asara da ɗan bayanin yadda na ji. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne cin da nake yi ya fi faɗuwa yawa, amma kuɗin raguwa suke yi. Ita kuma ta daina tambayata, shirun nan nata ya fi mini faɗa ciwo. Ga hoton shafi uku na turo. Me nake rubutawa ba daidai ba? Ko in haƙura gaba ɗaya?

Wani ɗan'uwa daga Kubwa, Abuja

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya mayar maka da alheri, ya sanyaya zuciyar maiɗakinka. Na zauna da hotunan nan uku bayan sallar isha'i, na karanta su layi bi layi. Rubutunka tsaf, ba ka tsallake rana ba, har ranar da ka faɗi da yawa ka rubuta ba ka ɓoye ba. Wannan gaskiyar ita ce abin da ya fi wuyar samu, kuma kana da ita. Sauran gyara ne na tsari.

Ga layi biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko ya ce: "Litinin, gwal, riba dala 6, Alhamdulillah." Na biyu ya ce: "Talata, gwal, asara dala 23, kasuwa ta yi mini wayo, dole in ƙara haƙuri." Na ƙirga, kalmar nan "dole in ƙara haƙuri" ta fito sau biyar a shafi uku. Ka duba da kyau, duk abin da ke cikin layukan nan an rubuta shi ne bayan an gama ciniki, kuma lambobin da ke ciki manhajar MT5 da kake ciniki da ita ta riga ta ajiye maka su a ɓangaren History ba tare da ka ɗaga biro ba. Ka je kasuwar Wuse ka tambayi mai shagon atamfa, ba zai taɓa wadatuwa da rubuta abin da ya shiga aljihu da yamma ba. Sai ya san nawa ya sari turmi, nawa ya yi niyyar sayarwa, da wanda ya sa shi ya karya farashi. Littafinka ya faɗi abin da kasuwa ta yi maka, bai faɗi abin da kai ka yi niyya ba, don haka babu abin da za a gwada da wani. Rabin littafin ciniki mai amfani kafin a danna Buy ko Sell ake rubuta shi, kuma wannan rabin ne babu a naka.

Abu huɗu za ka rubuta kafin ka shiga, ba za su ci maka minti biyu ba. Dalilin shiga a jimla guda, farashin da za ka shiga, farashin da idan kasuwa ta kai ka yarda ka yi kuskure ka fita, wato inda ka sa Stop Loss, da farashin da kake son kwashe riba, wato Take Profit. Sannan ka ɗauki hoton allon farashin a daidai wannan lokacin. Dalilin nan ya zama abin da wani zai iya dubawa a hoton ya ce e ko a'a. "Na ga kamar zai hau" ba dalili ba ne. "Farashi ya dawo wurin da ya tsaya sau biyu jiya, kyandir na awa ɗaya ya rufe a samansa", wato zanen da ke nuna motsin farashi na awa guda a allo, dalili ne, ko da daga baya ya zama bai yi aiki ba. Idan ka ɗauki biro ka rasa jimlar da za ka rubuta, to ka samu amsa ke nan, ka ajiye wayar. Da yawa daga cinikin da ke ƙona asusu a nan suke mutuwa tun ba a haife su ba.

Tazarar da ke tsakanin wurin shiga da Stop Loss ita ce za ta ba ka ma'aunin da littafin gaba ɗaya zai tsaya a kai. Masu wannan harka suna kiransa R, ma'ana kuɗin da ka yarda ka rasa a ciniki guda tun kafin ka shiga. Bari mu yi lissafin da gwal tunda shi ka sani, farashin da zan sa na misali ne kawai. A wurin yawancin dillalai, lot shi ne ma'aunin girman ciniki, kuma lot 0.01 na XAUUSD, wato gwal a farashin dala, oza ɗaya ce, don haka duk motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce a aljihunka. Kana da dala 500, ka yarda ka yi kasadar kashi ɗaya cikin ɗari, dala 5 ke nan. Ka saya a 2,350, ka sa Stop Loss a 2,345, ka sa Take Profit a 2,360. Dala 5 ɗin nan ita ce 1R, ribar da kake nema dala 10 ita ce 2R. To a ce farashi ya hau zuwa 2,353, gabanka ya faɗi kada ya dawo, ka rufe. A tsohon littafinka za ka rubuta "riba dala 3, Alhamdulillah". A sabon za ka rubuta cewa ka nemi 2R, ka karɓi 0.6R. Washegari ka sake shiga iri ɗaya, farashi ya gangaro yana neman taɓa 2,345, ka ce bari in ɗan ba shi fili, ka ja Stop Loss ƙasa, ƙarshe ka fita a 2,338. Asarar dala 12 ce, wato 2.4R a wurin da ka yi alkawarin 1R. Kwana biyu, ci ɗaya faɗuwa ɗaya, amma sai ka yi irin cin farko sau huɗu kafin ka cike ramin faɗuwa guda. Amsar abin da ke ɗaure maka kai ke nan, kuma ina ganin alamarta a dala 6 da dala 23 ɗin da ke shafinka. Dalilin da ya sa nake matsa maka ka rubuta Stop Loss na farko da hannunka shi ne, idan ka matsar da shi, abin da galibi za ka tarar a tarihin manhaja daga baya shi ne na ƙarshe. Alkawarin farko ya ɓace, babu shaidar ka karya shi.

Bayan ka fita kuma, ka rubuta farashin fita da sakamakon a R, sannan tambaya guda wadda a ganina ta fi duk sauran nauyi: na bi abin da na rubuta, e ko a'a? Babu "kusan". Idan a'a ne, ka faɗi wanne ka karya da kalma biyu: na matsar da Stop Loss, na rufe da wuri, na ƙara lot, na shiga ba rubutu. Ka lura, ciniki na iya kawo riba amsar ta zama a'a, wani ya kawo asara amsar ta zama e. Asarar 1R da aka yi bisa tsari ba laifi ba ce, kuɗin haya ne na zama a kasuwar. Ribar da aka samu ta hanyar karya doka ita ce mai haɗari, don ita ke koya wa hannu ya sake. Kuma a nan ne za ka ga amfanin rubutun kafin shiga. Mutum idan ya bari sai ya ga sakamako sannan ya yanke wa kansa hukunci, duk cinikin da ya faɗi zai kira shi kuskure, duk wanda ya ci zai kira shi ƙwarewa. Tawadar da ta bushe tun kafin a san ƙarshe ba ta sauya magana.

Yanzu bari in nuna maka abin da irin wannan littafi ke fitarwa bayan ciniki 30. Lambobin ni na kafa su don misali, amma na yi su da kamannin abin da na gani a shafukanka. A ce cikin 30 ka ci 18, ka faɗi 12. Kashi 60 cikin ɗari ke nan, lambar da kowa zai so ya nuna wa abokai. Amma matsakaicin cinka 0.6R ne, jimilla 10.8R, matsakaicin faɗuwarka kuma 1.5R, jimilla 18R. Ka cire, ka tashi da asarar 7.2R. Idan ka raba ta gida 30, kowace dannawa da ka yi tana ci maka kusan kwatan R, dala ɗaya da 'yan kai a asusunka, ko ka ci a ranar ko ka faɗi. To sai ka ware su gida biyu bisa tambayar nan ta e ko a'a. Waɗanda ka bi tsari 19 ne: ci 12 da suka kawo 8.4R, faɗuwa 7 da suka tafi da 7R, saura ribar 1.4R. Waɗanda ka karya doka 11 ne: ci 6 da suka kawo 2.4R kacal, faɗuwa 5 da suka tafi da 11R, asarar 8.6R. Ka ga inda ruwan ke zuba. Mutumin da ke da wannan littafin ba sabuwar dabara yake bukata ba, ba kuma sabon malami ba. Ciniki biyar ne suka cinye masa wata guda, kuma yana iya nuna su da yatsa, ya buɗe hoton kowanne.

Sai dai kada ka ɗauki ribar 1.4R ɗin nan a matsayin shaidar dabarar tana aiki. Ciniki 19 sun yi kaɗan ƙwarai, sa'a kawai tana iya kawo wannan lambar, kamar yadda mai jefa kwabo zai iya samun fuska ɗaya sau da yawa a jere. Talatin sun isa su nuna maka ɗabi'arka, domin ɗabi'a tana maimaita kanta da wuri. Hukunci a kan dabara kuwa sai ka tara kusan ɗari ka yi su iri ɗaya, ba ka sauya salo a tsakiya ba. Ka tabbata kuma sakamakon da kake rubutawa shi ne na bayan an cire kuɗin dillali, domin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa da kamasho suna iya lashe 'yar ƙaramar riba irin wannan.

Akwai ƙarin gurabe uku da nake so ka buɗe, saboda yanayin rayuwarka. Na farko, lokaci da wurin da kake. Ka rubuta agogon Najeriya, domin agogon da ke cikin manhaja na dillali ne, kuma da yawansu suna gabanmu da awa ɗaya ko biyu. Kasuwar Landan tana buɗewa ƙarfe 8 na safe agogonmu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ƙarfe 9 a sauran watanni. Ka tuna ina kake a wannan lokacin: kana cikin cunkoson hanyar Kubwa, a matse a mota, waya a hannu ɗaya, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda galibi ke fita Juma'ar farko ta wata, yana zuwa ƙarfe 1:30 na rana agogonmu daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 2:30 a sauran lokaci. Daidai lokacin da kake hanyar masallaci ko kana sahu, gwal na iya tsallake daloli masu yawa cikin minti guda, har Stop Loss ya cika a farashin da ya fi wanda ka sa muni. Idan ka rubuta "mota", "ofis", "gida" a gefen kowane ciniki, bayan wata guda ba sai wani ya faɗa maka lokacin da ya kamata ka rufe manhajar ba. Ni kaina a nawa littafin na gano mafi yawan ɓarnata bayan ƙarfe 9 na dare take faruwa, lokacin da na gaji kuma nake son kwana da riba. Na yi shekara ina zargin dabarata, ashe agogo ne.

Na biyu, minti nawa ne tsakanin wannan ciniki da asarar da ta gabace shi. Wannan ya fi dogon bayanin yadda ka ji amfani. Rubuta damuwa yana sauke nauyin zuciya, ban hana ka ba, ka ware mata bayan littafin. Amma ba a iya tara "raina ya ɓaci" a raba. Idan kana son rubuta yanayinka, kalma ɗaya ta isa, ka zaɓe ta daga 'yan kalmomi da ba sa sauyawa: natsuwa, gajiya, tsoro, ramuwa. A shafinka na biyu na ga rana guda da ciniki huɗu a jere, asara tana ƙaruwa daga ɗaya zuwa na gaba. Ba ka sa lokaci ba, amma zan yi mamaki idan tsakaninsu ya kai rabin awa.

Na uku, inda farashi ya kai bayan ka fita. Da dare ka koma ka duba: wanda ka rufe a 2,353, ya ƙarasa 2,360 kafin ya taɓa 2,345 ko bai ƙarasa ba? Ka rubuta e ko a'a kawai. Idan cikin goma da ka rufe da wuri bakwai sun ƙarasa, tsoro ne ke cin ribarka, maganin kuma shi ne ka sa umarninka ka kife wayar. Idan biyu ne kawai suka ƙarasa, to hannunka ya fi lissafinka gaskiya, Take Profit ɗin ne ka kai shi nesa. Matsala biyu ne masu kama da juna daga waje, maganinsu kishiyar juna, kuma babu mai raba maka su sai wannan gurbin.

Kada ka wuce haka. Na ga masu buɗe gurbi talatin, sati biyu su gaji su watsar. Littafin takarda ya isa, har na fi son sa don rubutun kafin shiga, saboda biro yana rage gaggawa. Ranar Asabar kasuwar a rufe take, sai ka kwashe na satin ka zuba a Excel ko Google Sheets. Idan sakamakon R yana gurbin G, amsar e ko a'a tana gurbin H, wannan zai ba ka matsakaicin waɗanda ka karya doka:

```
=AVERAGEIF(H:H,"a'a",G:G)
```

Zaman Asabar ɗin nan shi ne littafin, in babu shi rubutun tara takarda ne. Rabin awa bayan karin kumallo, ka buɗe mafi munin ciniki biyu da mafi kyau guda, ka kalli hotunansu, ka fitar da doka ɗaya tak ta sati mai zuwa, ka rubuta ta a saman sabon shafi. Ta zama wadda za a iya ƙirgawa, kamar "ba na matsar da Stop Loss baya" ko "asara biyu a rana, na rufe sai gobe". Kada ka sauya abu uku lokaci guda, don idan sakamako ya gyaru ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Game da abokinka, shawarar da ya ba ka mai kyau ce, ban ga dalilin munana masa zato ba. Amma ka roƙe shi ya nuna maka nasa littafin, ba hoton ribar rana guda ba. Idan yana da shi, ka samu abokin zaman Asabar. Idan babu, ka san matsayin da za ka ajiye sauran shawarwarinsa. Ka kuma tambaye shi a hankali ko ta hanyarsa ka yi rajista, domin dillalai da yawa suna biyan wanda ya kawo mutum gwargwadon yawan cinikin da mutumin ke yi, ko ya ci ko ya faɗi. Wannan ba ya mayar da shi maƙiyi, amma ya kamata ka sani. Idan kuma kana karɓar sigina, wato saƙon da ke ce maka ka saya ko ka sayar, daga wani guruf, ka sa alama a littafin, "nawa" ko "na guruf", ka auna su daban.

Yanzu mu zo kan uwargida, don a gaskiya ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Macen da ta kwashi adashinta ta miƙa wa mijinta ta riga ta shirya abin da za ta yi da kuɗin, wataƙila sari, wataƙila kayan ɗaki ko kuɗin makarantar yara, ta fasa don ta yarda da kai. Ina kyautata zaton shirunta ba raini ba ne, gudun ta kunyata ka ne, da tsoron amsar da za ta ji. Kada ka jira sai ka ci riba sannan ka yi mata magana, wannan jiran shi ne ke tura ka ƙara lot. Kuɗin da ake bin mutum bashinsu ba ya iya barin su su taɓa Stop Loss cikin natsuwa, kowace asarar 1R sai ya gan ta da fuskar mai kuɗin. Ina ganin wani ɓangare na jan Stop Loss ɗinka daga nan ya samo asali.

Saboda haka shafin farko na sabon littafin ba na ciniki ba ne. Ka rubuta duk zubin nan huɗu: rana, nawa a naira, nawa ya zama a dala, daga ina kuɗin suka fito, da duk abin da ka taɓa cirewa. Ka sa farashin canji na kowace rana, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta sauya sosai, mutum na iya kallon asusunsa a naira ya ga kamar bai yi asara ba alhali dalolinsa sun ragu. Ka tara jimilla, ko da ganinta zai yi zafi. Sannan ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka nuna mata shafin, ka ce mata ga abin da ya shiga, ga abin da ya rage, ga naki, ga yadda zan biya. Biyan ya fito daga albashi, wata-wata, adadin da kuka amince, ba daga ribar da ba ta zo ba.

Ka tambaye ni ko ka haƙura. Ba zan ɓoye maka ba, wannan kasuwa ce da mafi yawan ƙananan masu shiga suke asara. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ɗaiɗaikun mutane a irin wannan ciniki asara suke yi. Littafi ba ya ƙirƙiro dabara mai riba inda babu, aikinsa ya faɗa maka gaskiya da wuri kuma da araha. Da ni ne, zan cire dala 500 ɗin nan gobe in miƙa mata a matsayin kason farko na biya, in buɗe asusun gwaji, wanda ake kira Demo, in sa masa dala 500 daidai, in yi ciniki 30 da sabon tsarin rubutu. Aibin asusun gwaji shi ne tsoro da kwaɗayi ba sa fitowa sosai a cikinsa, don haka gurbin e ko a'a zai fi kyau fiye da yadda zai kasance da kuɗin gaske. Amma idan ko a can ka kasa rubutawa kafin ka danna, ka samu amsa ba tare da ka rasa sisi ba.

Idan ka fi son ci gaba da kuɗin gaske, to da izininta, da naka kuɗin, kuma ka san iyakar lissafi. A asusun dala 100, mafi ƙanƙantar lot na gwal da tazarar dala 5 kasadar kashi biyar cikin ɗari ce a ciniki guda, faɗuwa kaɗan a jere sun rusa shi. Ƙaramin asusu irin wannan bai dace da gwal ba, sai dai asusun da ake lissafinsa da santi, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, inda komai ya ƙanƙance. Ko wacce hanya ka bi, ka rubuta sharaɗin tsayawa a cikin bangon littafin tun yau, hankalinka kwance: idan asara ta kai 10R, ko cikin ciniki 30 ka karya doka fiye da sau biyar, ka dakata wata guda, ba zubi. Ka bar ta ta karanta wannan sharaɗin, ta zama mai tuna maka. Idan aka zagayo sau biyu ana cin karo da sharaɗin nan, ka bar harkar da zuciya ɗaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kana da aikinka da iyalinka.

Wani abu da bai kamata in tsallake ba: ka duba gurbin Swap a tarihin asusunka. Kuɗi ne da ake cira ko ake ƙarawa idan ciniki ya kwana, kuma tushensa kuɗin ruwa ne. Dillalai da yawa suna da asusun da babu shi. Malamai kuma suna da maganganu a kan cinikin gwal da kuɗaɗe ta wannan hanya, musamman batun karɓa hannu da hannu da bashin da dillali ke ɗora maka don ka yi ciniki da abin da ya fi kuɗinka. Ka je wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka nuna masa yadda abin ke gudana a wayarka dalla-dalla, ka ji fatawarsa kafin ka sake zuba kobo.

Tsohon littafin kada ka yar da shi. A wannan Asabar ka buɗe History, ka bi cinikin wata ukun nan, ka cike lokacin shiga da girman lot na kowanne a gefen layinsa da jan biro. Ba za ka iya dawo da dalilan shiga ba, sun tafi, amma lokaci da lot kaɗai za su nuna maka ranakun ramuwa. Ka fara da Talatar nan ta dala 23, ka duba ko lot ɗinta ya fi na Litinin girma. Idan ka cika 30 a sabon tsari, ka turo mini shafukan tare da na farkon nan mai lissafin zubi, mu duba tare. Ka gaishe mini da uwargida da yara.